Malam, shafi nawa za mu rubuta?

Akwai wata irin jinga da ake ba ɗalibai a makarantunmu, tun daga sakandare har kwalejin ilimi har jami'a, wadda ni dai a wajena ba tambaya ba ce, tarko ne. Malami zai bari sai ana saura minti biyar a fita sannan ya juya ya rubuta layi ɗaya a allo, misali "Tattauna jihadin 1804", ya ce maki 20 ne, a kawo ranar Litinin ta hannun kilas ref, ya kwashi takardunsa ya fice. Bai faɗi tsawon rubutun ba, bai faɗi daga ina za a fara a ina za a tsaya ba, bai faɗi wane littafi ya yarda a duba wane ne bai yarda ba. In wani mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya ce Malam shafi nawa, amsar da zai samu ita ce ku fa ba yara ba ne, ku yi amfani da hankalinku. Shikenan an rufe bakin kowa.

Abin da nake so in faɗa shi ne, wannan malamin ba 'yanci ya ba ɗalibai ba kamar yadda yake ji a ransa. Ma'aunin yana nan fa, bai ɓace ba, yana cikin kan malamin ne kawai, shi ya san tsawon da zai gani ya ji daɗi da wanda zai gani ya tsuke fuska, ya san littafin da yake so a ambata, amma ya ƙi faɗa. Ranar makin kuma da wannan ɓoyayyen ma'aunin zai auna kowa. To kun ga abin da aka gwada ba sanin tarihi ba ne, an gwada waye ya fi iya karantar zuciyar malam.

Mu ɗauki ita wannan tambayar ta jihadi mu buɗe ta mu ga abin da ke ciki, don wanda bai taɓa zama ya rubuta ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Yarinya ce 'yar aji ɗaya a jami'a ta zauna da daddare da biro da takarda. Daga ina za ta fara? Za ta iya farawa daga haihuwar Shehu Usmanu a Maratta a 1754, da tashinsa a Ɗegel, da karatunsa wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, da shekarun da ya kwashe yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi. Wannan kaɗai ya isa ya cika shafi biyar ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Za ta iya tsallake duk wannan ta fara daga dokokin Sarkin Gobir Nafata, da ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana maza rawani ya hana mata lulluɓi, ya ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, daga nan ta gangaro kan Yunfa da abin da ya faru da mutanen Abdussalami a Gimbana, har zuwa hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Ko kuma ta ce ai jihadi aka ce, wato yaƙi, sai ta kama Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, da Tsuntsuwa inda aka yi asarar mahaddata masu yawa, da Alwasa, har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ba a ma zo kan masu tuta ba tukuna, su Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Fombina, ga takaddamar da aka yi da Borno. Sannan a ina za ta ajiye biro? A 1808? A rasuwar Shehu a 1817? A rasuwar Muhammadu Bello a 1837? Ko ta ja har zuwa shigar Turawa Sakkwato a 1903?

Duk wanda ta zaɓa a cikin waɗannan ta amsa tambayar fa, ba wanda zai ce ta kauce, don tambayar ba ta da katangar da za a ce an tsallake. Amma malam shi a ransa dalilan jihadin yake nufi, don su ya koyar a satin da ya wuce, ko ma ya yi niyyar koyarwa bai samu zuwa ba. Wadda ta rubuta yaƙe-yaƙe tsaf da shekarunsu sai ta ga an ba ta 8, an ja jan biro an rubuta mata ba ki amsa tambaya ba. Wace tambayar? Wadda ba a yi ba?

Ɗalibi kuma in bai san iyaka ba abu ɗaya yake yi, ya kwaso komai ya zuba, ko Allah zai sa abin da malam yake so yana ciki. Daga nan ake samun irin rubutun nan da duk mai makin takardu ya san shi tun daga layin farko, wanda zai fara da ma'anar kalmar jihadi a lugga da isɗilahi, ya shiga tarihin kafuwar ƙasar Hausa tun daga Bayajidda, ya ba Shehu sakin layi biyu, yaƙi sakin layi ɗaya, sakamako guda bakwai a jere kowanne jimla ɗaya, ya rufe da shawara ga gwamnati. Ya taɓa komai, bai riƙe komai ba. Malamai suna zama a ofis suna kukan yaran yanzu ba su iya kafa hujja ba, sai zuba kawai, alhali tambayar da aka ba su ita ta koya musu zubar. Ba yadda za a yi mutum ya kafa hujja a kan abin da faɗinsa shekara 150 ne, hujja sai an matse magana ta dawo abu ɗaya ko biyu da za a iya aunawa.

Sai maganar tsawo, wadda ita ce ta fi ba ni haushi don a nan talaka yake cutuwa. In ba a faɗi adadi ba, jita-jita ce take yanke hukunci. Wani ɗan aji uku zai ce ai mutumin nan in bai ji nauyin takarda a hannu ba ba ya ba da maki, kafin dare maganar ta zaga gurup ɗin aji na WhatsApp, gobe kowa yana bakin shagon masu kwamfuta. Mai kuɗi zai buga shafi 15, a yi masa bango mai kala da tambarin makaranta, a sa masa roba a gefe. Wanda kuɗin motarsa ma da kyar yake haɗawa zai rubuta shafi uku da hannu a fulsikaf, kuma wallahi sau da yawa shafi ukun nan sun fi shafi 15 ɗin tunani, don shi ya zauna ya karanta ya tace, wancan kuwa yaron shago ne ya buɗe Google ya kwafo ya manna ya canza suna da lambar rajista. Da an ce kalma 800, da duk wannan kasuwar ba ta ci ba, don ba wanda zai biya kuɗin shafi 15 alhali ya san shafi uku ake so.

Kuma ko malamin da ya yi ƙoƙari ya ce shafi biyar, bai gama magana ba. Shafin A4 da aka buga da Times New Roman mai girman 12, in aka ba layuka tazara biyu yana ɗaukar kalma 250 zuwa 300 ne, in aka matse tazarar ta koma ɗaya zai kai wajen 500. Kenan shafi biyar zai iya zama kalma 1,300 zai iya zama 2,500, kusan ninki biyu, ban da masu wayon ƙara girman harafi da faɗaɗa gefe, ban da mai rubutun hannu manya-manya da kalma shida ke cika masa layi. Shi ya sa ƙidayar kalma ta fi shafi adalci. Wanda ya buga a kwamfuta Word yana nuna masa adadin a ƙasan allo, wanda ya rubuta da hannu kuma ya ƙirga kalmomin layi biyar ya raba da biyar ya ninka da yawan layukansa, minti biyu ya gama.

Abin mamaki ma ai ba baƙon abu ake nema ba, duk malamin nan da kansa ya zana WAEC ko NECO. A takardar Ingilishi ta WAEC, ɓangaren insha'i, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada amsarka ta gaza kalma 450, an ba ka shawarar ka kashe kamar minti 50, an ce zaɓi tambaya ɗaya. Maki 50 ne kuma an san yadda ake raba su, 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu inda kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar rubutu yake cin rabin maki. Tambayar kanta tana gaya maka wa kake rubuta wa, wasiƙa ce ga shugaban ƙaramar hukuma ko maƙala ce ta jarida ko jawabin muhawara, sau da yawa har ta ce kawo dalilai uku. Masu zuwa waje da suke zana IELTS su ma haka, rubutu na biyu kalma 250 ne mafi ƙaranci a minti 40. Ina da ƙorafina a kan WAEC, ba yau za mu yi shi ba, amma a wannan kam sun yi daidai, yaron Gumel da yaron Legas duk sun shiga ɗaki sun san abin da ake nema a wajensu. To ta yaya hukumar da ke jarraba ɗalibai a ƙasashe biyar za ta iya faɗin ma'auninta, malami mai aji ɗaya ya ce shi faɗin nasa raini ne?

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba duka ne shirme ba. Za su ce ƙidayar kalma tana sa yaro ya dinga ciko, ya maimaita magana ɗaya sau uku don ya kai adadi. Gaskiya ne ana yi, duk wanda ya duba takardun 'yan sakandare ya ga "kamar yadda na faɗa a baya" an jera ta ba dalili. Amma maganin wannan ai ba cire adadin ba ne, a sa ƙasa a sa sama, a ce 700 zuwa 900. Iyakar sama ita ce mai koyarwa ma, don ita take tilasta wa ɗalibi ya zauna ya ce tsakanin labarin Gimbana da labarin haihuwar Shehu wanne zan yar, kuma ranar da yaro ya fara yar da abin da ya sani saboda bai shafi hujjarsa ba, ranar ya fara iya rubutu. Za su kuma ce a jami'a ana so ɗalibi ya koyi zaɓar batu da kansa. Na yarda, amma sai a faɗa masa hakan. A ce zaɓi ɓangare ɗaya na jihadin, ka bayyana a sakin layin farko abin da ka zaɓa da dalilinka, akwai maki 3 a kan kyawun zaɓin. Wannan buɗaɗɗiyar tambaya ce ta gaskiya. Amma ka yi shiru, ɗalibi ya zaɓa, sannan ka hukunta shi don bai zaɓi naka ba, kamar ka miƙa wa tela yadi ne ka ce ɗinka min kaya ka juya ka tafi ba gwaji ba komai, ranar karɓa ka zo kana faɗa wai kai kaftani kake so ya yi maka jamfa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajensu ita ce yawan ɗalibai, malami ɗaya da kai 200 ko fiye a kwas ɗaya, ina ya ga lokacin tsara tambaya. To amma a yi lissafin mana. Ɗalibi 200 kowa ya kawo shafi 10 saboda tsoro, shafi 2,000 kenan, ko minti biyu kake ba kowane shafi ka tashi da minti 4,000, sama da awa 66. Ba malamin da zai yi wannan karatun, mu daina yaudarar juna, abin da ake yi shi ne a duba bango a duba shafin farko a ɗaga a ji nauyi a rubuta 13 ko 14. In kuwa ka ce kalma 800, kusan shafi uku, shafi 600 ne gaba ɗaya, awa 20, abin da mutum zai iya rabawa a sati biyu ya karanta da gaske har ya ɗan rubuta wa yaro gyara a gefe. Minti goman da malami ya ƙi kashewa wajen rubuta sharuɗɗa shi ne yake dawo masa da buhun takardun da ba zai iya karantawa ba. Yawan ɗalibai dalili ne na a sa iyaka, ba na a bar ta ba.

Yanzu ga na ukun, madogara, wanda shi an fi yin shiru a kansa kuma shi ya fi haɗari, don a nan ne ake kiran yaro ɓarawo. In ba ka ce komai ba, ɗalibi bai san ko handawut ɗinka kaɗai kake so ya dawo maka da shi ba, ko in ya fita wajensa za ka ji daɗi, ko za ka ɗauka yana nuna maka ya fi ka sani ne. Duka irin malaman nan biyu akwai su, kuma a dipatmen ɗaya, wani in ka kawo abin da ba ya cikin handawut zai soke, na ofis ɗin kusa da shi kuma in ka maimaita masa handawut zai ce ba ka yi bincike ba. Yaron da ya fito daga sakandaren da duk rayuwarsa kwafar allo ake sa shi, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce in ka ɗauko jimlar wani sai ka sa ta cikin alamar zancen wani ka faɗi mai ita, kawai rana ɗaya sai ya ga sifili da kalmar satar fasaha a saman takardarsa. Ni ban ce kwafa daidai ba ce. Na ce dokar da ba a shelanta ba, hukunci a kanta zalunci ne.

Kuma a wannan tambayar ta jihadi, maganar madogara ba ƙa'idar ofis ba ce kawai, ita ce zuciyar darasin. Yawancin abin da muka sani a rubuce daga alƙalamin waɗanda suka yi nasara ya fito. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ne, wanda da kansa ya jagoranci yaƙi, kuma a cikinsa ne ma ake samun wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadu El-Kanemi na Borno, inda El-Kanemi yake ƙalubalantar hujjar yaƙar mutanen da suke salla suna azumi. Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ya jero abubuwan da ake zargin sarakunan Haɓe da su, irin su jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Waɗannan manyan madogara ne, amma ɓangare ɗaya ne na rigimar. Ɗalibin da ya fito daga Sabon Birni ko Tsibiri ko Maraɗi ko Argungu, garuruwan da zuriyar sarakunan Gobir da Katsina da Kabi suka ci gaba da sarauta bayan an ci biranensu, in ya je gida ya zauna da kakansa zai iya jin labarin da wata fuska daban. To ya halatta ya sa maganar kakan nasa a jinga ko bai halatta ba? A ilimin tarihi ruwayar baka madogara ce karɓaɓɓiya in an faɗi wa aka yi hira da shi, a ina, yaushe. Amma in malam bai ce komai ba yaron zai ji tsoro ya bar ta, ya je ya kwafo Wikipedia kamar kowa, a yi asarar abu ɗaya tilo da zai sa takardarsa ta bambanta da sauran 199.

Ga yadda ni zan rubuta tambayar, kuma ba ta fi layi shida a allo ba. Kawo dalilai biyu da suka haddasa rikici tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir, daga zamanin Nafata zuwa hijirar Gudu a 1804, ka faɗi wanda kake ganin ya fi ƙarfi da hujjarka. Kalma 700 zuwa 900, ban da jerin madogara, rubutun hannu ko bugu duk ɗaya ne, ba a son bango. A yi amfani da littafi ko maƙala aƙalla biyu ban da handawut, an yarda da hira da dattijo in an faɗi gari da rana, a iya fara dubawa a intanet amma ba a kafa hujja da shafin da ba a san marubucinsa ba. Duk jimlar da aka ɗauko a sa ta cikin alamar zancen wani da sunan mai ita da shafi. Maki 20, hujja 10, tsari 5, madogara 5.

Dubi abin da yarinyar nan za ta iya yi da wannan. Ta san haihuwar Shehu ba ta ciki, Tabkin Kwatto ba ya ciki, Turawa ba sa ciki, ta huta da kashi uku cikin huɗu na abin da yake ruɗa ta. Za ta ware kamar kalma 80 ta faɗi matsayarta tun farko. Ta ba dalili na farko 250, a ce dokokin Nafata da yadda suka mayar da rawani da lulluɓi alamar wane ɓangare kake. Ta ba na biyu 250, a ce haraji da ƙwace da kukan makiyaya da talakawa, wanda ya sa mutanen da ba malamai ba suka bi jama'a. Sannan ta zo wajen da ake neman ta, kalma 150 zuwa 200 tana auna su, tana cewa in haraji ne babban dalili me ya sa sai da aka taɓa jama'a kai tsaye a Gimbana abin ya fashe, in kuma addini ne kaɗai me ya kawo waɗanda ba karatu ne ya tara su ba. Ko ta yi daidai ko ta yi kuskure, malam yana da abin da zai kama ya yi mata gyara, ita ma in ta ga 12 ta san a hujja ta zubar ko a madogara. Kuma yaron shago ba zai iya kwafo mata wannan ba, don ba shafin da aka rubuta shi a haka yana jira, takardu goma in suka zo iri ɗaya kuma tun daga sakin layin aunawar za a gane.

Su kuma ɗalibai, tunda ba gobe malamai za su canza ba, akwai ɗan abin da za ku iya. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, amma mun san akwai malamin da in ka tambaye shi a gaban aji ka shiga uku har ƙarshen zango, don haka kar mutum ɗaya ya sa kansa a gaba, a tura kilas ref da tambayoyin uku a rubuce, cikin ladabi, Malam 'yan aji ne suka ce a ji tsawon da kake so, da inda za a tsaya, da littattafan da ka yarda da su, amsar da ya bayar a sa ta a gurup kowa ya gani, ta zama shaida. In ya ƙi amsawa, ku duba makin da abin da aka koyar a makonni biyun da suka wuce, yawanci can zuciyarsa take, jingar maki 10 ba ta cancanci shafi 15 ba ko me 'yan aji uku suka ce. Sannan ka gina katangarka da kanka a sakin layin farko, ka rubuta cewa wannan rubutu zai tsaya ne a kan dalilan jihadin a ƙasar Gobir zuwa 1804, ba zai shiga yaƙe-yaƙe da sakamako ba. Malami mai adalci in ya ga haka zai auna ka a kan abin da ka ce za ka yi. Kuma ka faɗi inda ka samo komai ko ba a ce ka faɗa ba, har handawut ɗin ma ka ambace shi.

Amma gaskiya nauyin ba na ɗan shekara 18 ba ne, na shugabannin sashe ne da shugabannin makarantu. A jami'o'inmu tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango suna bi ta hannun dipatmen a tace su, na 'yan ajin ƙarshe har mai duba na waje ake kawowa daga wata jami'a ya gani. Amma jinga da gwaji, waɗanda suke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, ba mai ganinsu sai malamin da ya ba da su, ko a allo ya rubuta ko da baki ya faɗa yana tafiya. Maki 40 shi ne mafi ƙarancin cin kwas a jami'o'i da yawa, wato abin da zai iya raba yaro da maimaita shekara an bar shi ba mai dubawa. Ba kwamiti nake nema a kafa ba, ba kuɗi za a kashe ba. Shugaban sashe ya ce daga wannan zangon duk jingar da za a ba ɗalibai a rubuce za a ba da ita, da adadin kalma, da iyakar batu, da madogarar da aka yarda da su, da rabon maki, a ajiye kwafi ɗaya a ofishinsa kafin a kai aji. Ɗalibin da ya zo ƙorafin maki a ɗauko wannan takardar a ajiye kusa da tasa a duba.